Zuwa Ga Ƙannena Masu Rubuta Wa 'Yan Kwangila Takardar Ba Da Haƙuri

Wannan takarda taku ce, ku matasan da kuka fara zama sakatarorin kwamiti da akawun sashen sayayya a ofisoshi da makarantu da ƙungiyoyin Kaduna, tun daga Kawo da Unguwar Dosa har Malali da Unguwar Rimi. Duk ranar da kwamiti ya zaɓi wanda zai ba aiki, takarda biyu ce ke jiran alƙalaminku. Ta wanda ya ci kowa na rububin rubuta ta. Ta wanda bai samu ba kuwa a kan jefa wa ƙarami a ofis a ce ya rubuta layi biyu ya aika. A kan wannan ta biyun nake so mu zauna, domin a wurina ita ce ta fi buƙatar hankali.

Mu ɗauki misali mai kama da abin da kuke gani kullum. Wata makarantar al'umma tana son benci da tebur na ɗalibai guda 120. Ta fitar da sharuɗɗa a rubuce: ƙafafun su zama bututun ƙarfe mai kaurin milimita 1.5, a kawo samfuri guda, a kuma kammala kawo kaya cikin mako biyar domin a riga komawa hutu. Mutum uku suka kawo farashi. Wani maƙeri daga Panteka ya ce zai yi kowane ɗaya a kan naira 38,000, jimla naira 4,560,000, amma ƙarfen samfurinsa milimita 1.2 ne, kuma ya nemi mako takwas. Kwamiti ya ba wani da ya sa naira 41,500, jimla naira 4,980,000, wanda ya cika sharuɗɗan duka. Ga abin da aka fara rubuta wa maƙerin:

"Muna baƙin cikin sanar da kai cewa ba ka yi nasara ba saboda wasu dalilai. Za mu neme ka nan gaba. Hukumar Makaranta."

Ku tsaya a wurin mutumin nan ku karanta. Ya san farashinsa ya fi na kowa sauƙi, don a Panteka magana ba ta kwana, kafin magariba ya ji nawa abokin takararsa ya sa. Ya san tazarar ta kai naira 420,000. Ya yanka ƙarfe ya yi walda ya biya Keke Napep ya kawo samfuri. Sannan aka ce masa "wasu dalilai". Me kuke so ya ɗauka in ba cewa an yi sanayya ko an ci wani abu ba? Kwamiti ya yi aikinsa tsakani da Allah, amma takardar ta shafa masa kashin kaji. Ba suna, ba kwanan wata, ba a ma ambaci wane aiki ake magana a kai ba, kuma babu mutum guda da ya sa hannu balle a san wanda za a tuntuɓa.

Gyaran ba a kan takardar yake farawa ba. Ku fara ɗauko takardar sharuɗɗan da aka raba, ku ajiye ta kusa da rahoton zaman kwamiti, ku nemo ainihin inda tayin mutumin ya saɓa. Dalilin da zai shiga wasiƙa dole ya kasance yana cikin takardun nan biyu. In wani a kwamiti ya ce a baki "ni fentinsa ma bai yi mini ba", alhali ba a sa launi ko irin fenti cikin sharuɗɗa ba, wannan ba ya shiga. Wanda aka kayar da sharaɗin da ba a gaya masa tun farko ba yana da gaskiya in ya yi ƙorafi. In kuma kuka duba rahoton ba ku ga dalili ba sam, kada ku ƙirƙiro. Ku koma wurin shugaban kwamiti cikin ladabi ku ce, ranka ya daɗe, me zan rubuta masa? Wannan tambaya tana kare ku, tana kuma kare shi.

A misalinmu dalilan biyu ne, kuma duka ana iya auna su. Ga yadda takardar za ta koma:

"Malam Wane, assalamu alaikum. Muna godiya da farashin da ka kawo da samfurin da ka haɗa game da aikin benci da tebur 120 na makarantarmu. Kwamiti ya zauna ranar kaza ya duba tayi uku, kuma a wannan karon bai zaɓi naka ba. Dalilai biyu ne. Sharaɗi na biyu ya nemi ƙarfe mai kaurin milimita 1.5, da muka auna na samfurinka sai muka samu 1.2. Sharaɗi na huɗu ya nemi a kammala cikin mako biyar, kai kuma ka rubuta takwas, wanda zai kai mu bayan ɗalibai sun dawo. Farashinka shi ne mafi sauƙi, kuma kwamiti ya yaba da tsabtar waldarka, sai dai ba za mu iya tsallake sharuɗɗan da muka gindaya wa kowa ba. Samfurinka yana ofishin ma'aji, kana iya aiko a ɗauka kowace ranar aiki. In kana son ƙarin bayani, ka kira ni a lambar da ke ƙasa cikin mako biyu mu sa lokaci. Sunanka yana cikin jerin waɗanda muke aika wa sanarwa, kuma duk lokacin da muka sake neman farashin aikin ƙarfe za ka samu taka. Mun gode."

Sai suna da muƙami da sa hannu da kwanan wata.

Ku lura hukuncin ya zo tun a jimla ta biyu bayan sallama. Da yawanku kuna ganin ladabi shi ne a yi ta kewaye-kewaye da yabo kafin a fito da maganar, har mutum ya fara murna sannan a ƙarshen shafi a sare masa gwiwa. Wannan ya fi ciwo. A gaisa, a gode, a faɗi abin da aka yanke. Yabon ma ba a sa shi don lallashi. An ce waldarsa ta yi tsabta ne domin kwamiti ya gani ya faɗa, in da bai faɗa ba da an bar layin. Mai sana'a ya san aikinsa, yana gane yabon da ba a duba kaya aka yi shi ba.

An kuma amsa abin da ke ransa tun kafin ya tambaya, wato batun farashi. Matasa da yawa ba su san cewa ko a aikin gwamnati mafi arha ba shi ke ci kai tsaye ba. Dokar Sayayyar Gwamnatin Tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, mafi sauƙin farashi take nema daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan an tantance su. Dokar ta ɗora wa ma'aikata ta yi wa wanda bai samu ba bayani in ya nema, ta kuma ba shi kwanakin aiki 15 daga lokacin da ya san abin da yake ƙorafi a kai ya kai kuka a rubuce ga shugaban ma'aikatar, in bai gamsu ba ya wuce BPP. Jihar Kaduna tana da tata dokar ta 2016 da hukumarta KADPPA, don haka wanda ke aiki a ma'aikatar jiha ya nemi wannan ya karanta ta da kansa. Makarantar misalinmu ba ta ƙarƙashin ko ɗaya, amma babu abin da ya hana ta aron tsarin, kuma duk wanda ya saba da shi tun a ƙaramin wuri ba zai sha wahala ba in ya koma babba.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne wajen barin ƙofa a buɗe. "Za mu neme ka nan gaba" a kunnen ɗan kwangila alkawari ne. Zai riƙe shi, zai dawo bayan wata uku ya ce kun ce za ku neme ni, alhali ba ku da ikon ba kowa aiki, kwamiti ke da shi. Ku yi alkawarin abin da ke hannunku kawai: sanarwa za ta iso masa, za a saurare shi in ya zo, za a mayar masa da kayansa. Sannan ku cika. In babu jerin sunayen da kuka ambata a ofishin, ku buɗe littafi yau ku rubuta shi a ciki kafin takardar ta fita. Kada kuma ku ba shi sirrin abokan takara don ku faranta masa. In ƙa'idar wurinku ta yarda a faɗi sunan wanda ya ci da jimlar kuɗinsa, ku tsaya a nan. Inda ya sayo ƙarfe da yadda ya lissafa ribarsa amana ce a hannunku, kamar yadda lissafin shi wanda ya faɗin yake amana.

Akwai wata kalma da muke yawan fakewa da ita, cewa ba rabonka ba ne. Gaskiya ce, kuma in kun haɗu baki da baki ku faɗa masa, zai ji sanyi. Amma ba za ta tsaya a madadin dalili ba. Mutumin da aka ce wa ƙarfenka ya gaza da kaza zai koma shago ya gyara lissafinsa, ya zo muku a karo na gaba da abin da kuke so. Ku ne za ku ci riba, domin ranar da masu kawo farashi suka yanke ƙauna daga ofishinku, mutum ɗaya zai rage, shi kuma zai sa muku kuɗin da ya ga dama.

Lokacin aikawa ma ku kula da shi. A ƙaramin aiki irin wannan ku jira wanda aka zaɓa ya karɓa a rubuce, don in ya janye wataƙila wajen ɗaya daga cikin sauran za a koma, sannan ku aika cikin kwana biyu ko uku. Kada mutum ya fara ji a bakin mai tura kura cewa an fara sauke benci a makaranta. A ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu tsarin ya bambanta: ana sanar da duk masu takara niyyar ba da kwangila, a dakata kwanakin aiki 10 kafin a bayar, domin mai ƙorafi ya samu dama. Ku tambayi wane tsari ne ya hau kan aikin da ke gabanku. In kuma abin da ya kayar da mutum takardar jabu ce, kamar shaidar biyan haraji ta ƙarya, wannan ba taku ba ce, ku miƙa wa manya da lauyan ofis, kada ku rubuta zargi da hannunku.

Na san yawancin takardun ofis da Turanci ake yin su, kuma ba na cewa ku daina. Amma in wanda za ku aika wa Hausa ya fi ji, ku haɗa masa da ta Hausa, ko ku kira shi ku karanta masa, don kada ya kai takardar da ta shafi cinikinsa wurin maƙwabci a fassara masa. Ina roƙonku, kafin ku kai wa shugaba ya sa hannu, ku sake ɗora takardar kusa da rahoton kwamiti ku bi ta layi-layi, duk jimlar da ba za ku iya maimaita ta a gaban mutumin ba ku cire ta. Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Yayanku a wannan aiki,
Kaduna.