Adaidaita mai gardamar tashi da safe: kada a yi saurin sauke inji

Da hunturu ya kama, sai masu adaidaita sahu su yi ta zuwa mini da magana ɗaya: keke ya ƙi tashi da asuba sai an tura, amma da ya ɗau zafi sai ya wuni lafiya. Kuma kusan kowannensu wani bakanike ya riga ya ce masa ringi ya mutu, sai an sauke inji. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin kuɗin balas na kwanaki ne ake sa mutum ya zubar a banza. Injin da ringinsa ya cinye yana shan baƙin mai, yana fitar da hayaƙi shuɗi ta salansa, kuma ko ya yi zafi ba ya jan kaya. In babu waɗannan alamu, a ƙyale fistan.

Ka saurari keken gobe da safe. Idan sitata na juyawa da ƙyar, batir ne. Lafiyayyen batir da ya kwana yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ya tashi da cok amma ya mutu da zarar ka saki, ƙaramin jet ɗin kafireta ne ya toshe, yawanci saboda dattin man bumburutu. Wanki kawai yake so.

Wanda ya fi damuna shi ne na uku. Sitata na juyawa da sauri, cok bai taimaka ba, inji yana tari ta bakin kafireta. Wannan tafet ne ya matse. Tsakanin bawul da abin da ke danna shi akwai 'yar tazara, kaurinta bai fi na takarda ba. In ta ɓace, bawul ba ya rufewa sosai, matsin cikin inji ya zurare, mai sanyi kuwa ba ya kamawa da raunin matsi. Da ƙarfe ya ɗumama, mai ya fi saurin kamawa, sai matsalar ta ɓuya.

Direbobi da kansu suke jawo wannan. Mutum ya ji 'yar ƙarar tafet, ya tsaya gareji da rana tsaka, inji na zafi, ya ce a kashe masa ita. Yaron gareji ya ɗaure da kunne, ba geji. Tafet mai 'yar ƙara ba ya ɓarna. Wanda aka yi wa shiru ƙarfi da yaji shi ke ƙona bawul, daga nan kuma sauke kan inji ya zama dole.

Ka kwana da keken a gareji, a saita tafet da safe inji na sanyi, da geji, a kan ma'aunin littafin Bajaj ko TVS ɗinka. Bakaniken da ya ce ba shi da geji, ka nemi wani.