Lissafin Ƙarfin Wuta Mai Fes Uku

Duk ɗalibin da ya ɗaga kai ya dubi turakun lantarki zai ga wayoyi huɗu a jere. Uku daga cikinsu su ne ke ɗauke da wuta, ana kiran kowace ɗaya fes, ta huɗu kuwa ita ce nutural. In an auna tsakanin fes da nutural za a sami wajen bolt 230, wato wutar da ƙwan fitila da fanka ke sha. In kuma an auna tsakanin fes da fes sai a sami wajen bolt 400. Wannan na biyu shi ne boltejin layi, shi manyan injuna ke amfani da shi.

Me ya sa ba a sami 460 ba, tun da fes biyu ne? Dalili shi ne wutar fes ukun ba ta kaiwa ƙololuwa a lokaci ɗaya, kowace tana bin bayan 'yar'uwarta da digiri 120. Saboda haka ba da 2 ake ninkawa ba, sai da √3, wato 1.732. Ku gwada: 230 sau 1.732 zai ba ku 398, kusan 400 ke nan.

To, idan nauyin da ke kan fes ukun daidai yake, ga yadda ake samun ƙarfin da ake sha:

P = √3 × V × I × cos φ

A nan V shi ne boltejin layi, I kuwa amfiyar da ke gudana a waya ɗaya tak, ba jimillar ukun ba. Cos φ shi ne fawa fakta, yana nuna kason wutar da ya zama aiki na ainihi. Na hita 1 ne, na moto kuwa yakan kai wajen 0.8 in yana ɗauke da cikakken kaya.

Mu ɗauki moton famfon rijiyar burtsatse. An auna an sami bolt 400, kowace waya tana jan amfiya 10, fawa fakta kuma 0.8. Sai mu ce 1.732 × 400 × 10 × 0.8 = 5,542, wato wat 5,542 ko kilowat 5.5. Wannan abin da moton ke sha ne, abin da yake bayarwa bai kai haka ba, don wani kaso yakan tafi a zafi.

Kuskuren da na fi gani a takardun jarrabawa shi ne yaro ya ninka da 3 alhali yana riƙe da 400, ya fito da wat 9,600. In kana son ninkawa da 3, to sai ka yi da boltejin fes: 3 × 231 × 10 × 0.8 = 5,544. Amsa ɗaya ce, ɗan bambancin na cike lamba ne kawai.

Amma fa duk lissafin nan yana tsaye ne a kan kalmar "daidai". Moto mai lafiya yakan ja wuta kusan bai ɗaya. Gini irin makaranta ba haka yake ba, domin ajujuwa, ɗakunan kwana da kicin kowanne an rataye shi ne a kan fes guda. Ana gane gaskiyar lamarin da kilam mita, wadda bakinta ke buɗewa kamar awartaki. Akan maƙala ta a waya ɗaya, ba biyu ba, kuma da yamma lokacin da kowa ya kunna kayansa. Wannan aikin ma'aikacin lantarki ne, ɗalibi nasa kallo da rubutawa.

A ce an sami amfiya 38 a jar waya, 30 a rawaya, 22 a shuɗiya. Matsakaicinsu 30 ne. Wadda ta fi nisa da matsakaici ta kauce da 8, in an raba 8 da 30 kuwa za a sami kashi 27 cikin ɗari. Wannan ya yi yawa ƙwarai. Wanda ya auna jar waya kaɗai ya sa 38 a lissafinmu, amsarsa za ta zarce gaskiya da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. A irin wannan hali sai a lissafa ƙarfin kowace fes dabam, sannan a tara.

Nutural ma tana ba da shaida. In nauyi ya daidaita, wutar fes ukun tana kashe juna, kusan babu abin da ke komawa ta cikinta. A misalinmu kuwa, in kayan iri ɗaya ne, za ta ɗauki wajen amfiya 14. Alamun da ido ke gani su ne fis ɗin fes ɗaya yana yawan ƙonewa, wayarta tana zafi, fitilun ɓangare ɗaya sun dushe. In kuma nutural ta tsinke a wannan hali, boltejin fes mai ƙaramin nauyi sai ya haura, ya ƙone kayan mutane.

Maganin ba ya bukatar sayen kome. A kashe wuta daga babban makunni, a cire layin da ke jan wajen amfiya 8 daga jar waya, a mayar da shi kan shuɗiya. In an sake aunawa, kowace za ta nuna kusan 30, sa'an nan ne lissafin √3 zai ba da amsar da za a dogara da ita.