Me ya sa yis da tsoka ke tsira da ATP 2 kacal?

Ɗalibai da 'yan uwana malaman bayoloji, akwai kuskuren da nake yawan tararwa idan ina makin takardun jarrabawa. Ɗalibi zai rubuta cewa yis na samun ƙarfi ne lokacin da yake haɗa itanol, tsoka kuma lokacin da take haɗa laktet. Ba haka abin yake ba. Wannan mataki na ƙarshe ba ya samar da ATP ko ɗaya, aikinsa daban ne.

Mu fara daga tushe. Ƙwayar halitta na fasa gulukos, mai kabon 6, gida biyu, kowane ɓari mai kabon 3, sunansa fairubet. Wannan fasawa ita ce gilaikolisis, a cikin ruwan ƙwayar take faruwa, kuma ba ta buƙatar oksijin. Ƙwayar na kashe ATP 2 ta fara aikin, ta samu 4, ribarta 2 ke nan. A hanya ana ciro haidirojin daga sukarin a ɗora wa wani sinadari mai suna NAD+, sai ya koma NADH.

NAD+ kamar baron ɗan dako yake: kaɗan ne a ƙwayar, kuma sai an sauke kayan da ke kansa zai koma ɗauko wasu. Idan akwai oksijin, a maitokondiriya ake saukewa, a ƙone fairubet ƙurmus, gulukos ɗaya ya ba da ATP 30 zuwa 32, ko 36 zuwa 38 a lissafin tsofaffin littattafai. Idan babu, wurin saukewar ya toshe, NAD+ ya ƙare, gilaikolisis ta tsaya cik. Mafita ita ce ƙwayar ta juye haidirojin ɗin a kan fairubet, ko a kan abin da ya fito daga gare shi. Da haka NAD+ ke dawowa, ATP biyun nan su ci gaba da shigowa.

Ɗauki ƙullun fanke ko na burodi. Yis na cire kabondayoksaid daga fairubet, ya juye haidirojin a kan abin da ya rage, ya zama itanol:

C6H12O6 → 2C2H5OH + 2CO2

Giram 180 na gulukos zai ba da giram 92 na itanol da giram 88 na kabondayoksaid. Iskar ce ke maƙalewa cikin ƙullu ya kumbura, yawancin itanol ɗin kuma ya tashi da zafin suya ko gashi. To ina ƙarfin ya tafi? Giram 180 ɗin na ɗauke da kilojul kusan 2,870. Itanol ɗin da ya fito, idan aka ƙona shi, zai ba da kusan 2,730. Wato kusan kashi 95 cikin ɗari na nan kwance a itanol, shi ya sa yake ci da wuta. Abin da yis ya kama a ATP kusan kashi 2 ne kacal, ragowar ta fita a matsayin ɗumi. Amsar tambayar ke nan: an fasa sukarin ne kawai, ba a ƙone shi ba.

A tsoka hanyar ta fi gajarta. Ɗan tseren mita 400 na buƙatar ATP da saurin da maitokondiriya ba za ta iya bi ba, sai tsoka ta juye haidirojin kai tsaye a kan fairubet ya zama laktet. A nan babu kabondayoksaid, kuma wannan ne bambancin da ɗalibai suka fi mantawa. Ribar dai 2 ce, amma tana zuwa da gaggawa, tana kuma cinye sukari da yawa, don haka ba ta ɗorewa.

Laktet ba shara ba ne. Zuciya na ƙona shi, hanta kuma na mayar da shi gulukos, amma sai ta kashe ATP 6 kan abin da ya ba tsoka 2. Carl da Gerty Cori, da suka samu kyautar Nobel a 1947, su suka bayyana wannan zagaye. Cikin awa ɗaya ko makamancin haka laktet na jini ke komawa daidai. Saboda haka tsamin jikin da ake ji kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye ba nasa ba ne, ƙananan raunuka ne a zaren tsoka.

Malam, ka gwada a aji. Zuba ruwan ɗumi, sukari da yis a gora, ka ɗaura balan-balan a bakinta, zai kumbura. Yi wata gorar da tafasasshen ruwa, ba zai motsa ba, domin yis na mutuwa idan zafi ya kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Ɗalibai kuma, idan tambayar ta fito ku rubuta cewa ATP 2 daga gilaikolisis suke, itanol da laktet kuwa hanyar dawo da NAD+ ce.