Darasi: Wasiƙar Cire Yaro daga Makaranta

Idan uba zai cire ɗansa daga makaranta mai zaman kanta, faɗa da baki ba ta wadatarwa. Wajibi ne ya rubuta wa shugaban makarantar wasiƙa. Makarantu da yawa suna bukatar sanarwa tun kafin ƙarshen zangon karatu, kuma sukan riƙe takardun ɗalibi idan suna bin iyayensa bashi. Karanta wannan misali. An bar guraben suna da kwanan wata domin ka cike su.

(Adireshin mai rubutu),
Ibadan, Jihar Oyo.
(Kwanan wata)

Shugaban Makaranta,
(Sunan makaranta),
Ibadan.

Ranka ya daɗe,

SANARWAR CIRE ƊALIBA DA NEMAN TAKARDUNTA

Ina mai sanar da kai cewa 'yata, ............, wadda take aji 2 na ƙaramar sakandare, za ta bar wannan makaranta a ranar da za a rufe zango na uku. Dalili kuwa shi ne an yi mini canjin wurin aiki zuwa Inugu, kuma iyalina za su bi ni.

Ina godiya gare ka da malamanka bisa ɗawainiyar da kuka yi da ita shekara biyu. Ta zo tana tsoron lissafi, ga shi yanzu ta fi son sa a kan kowane darasi.

Ina roƙon a ba ni takardar shaidar canjin makaranta, da sakamakon jarrabawarta na zango shida, da makin gwaje-gwajen da ta yi a aji. Sabuwar makarantar ba za ta sa ta a aji 3 ba sai ta ga waɗannan takardu. Na haɗo da kwafin rasit na kuɗin wannan zango. Zan zo in karɓi takardun da kaina a makon ƙarshe na zangon.

Na gode.

Naka,
(Sa hannu da cikakken suna)

Abin lura

Sakin layi na farko sanarwa ce, na biyu godiya, na uku roƙo. Marubucin bai ce "a ba ni takardunta" kawai ba. Ya ambaci kowace takarda, domin idan aka manta da ɗaya, sai ya sake tafiya daga Inugu zuwa Ibadan. Dubi kuma kalmomin "a ba ni". Wannan "a" tana sassauta roƙo. Da ya rubuta "ka ba ni", da maganar ta yi kama da umarni.

Aiki

1. Me ya sa uban ya haɗo da kwafin rasit?
2. A ce yaron namiji ne. Sake rubuta sakin layi na farko, ka fara da "ɗana". Kula da "wadda take" da "za ta".