Dalilin Da Ya Sa Riga-kafin Kwamfuta Ke Hana Wasu Manhajoji Shiga Intanet

Gabatarwa

Masu shagunan kwamfuta a garuruwa irin su Ɗanbatta sukan gamu da wani abin ɗaure kai: an saka manhajar riga-kafi, sai wata manhaja ta buɗe shafin banki salin-alin, wata kuma ta ƙi, alhali kwamfuta ɗaya ce. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana musabbabin haka.

Tushen Matsalar

Duk shafin da adireshinsa ya fara da `https` yakan gabatar da takardar shaida mai ɗauke da sa hannun wata hukuma amintacciya, sannan a kulle saƙon da zai gudana. To, riga-kafi ba ya iya binciken kullallen saƙo. Don haka sai ya tsaya a tsakani, ya buɗe saƙon, ya duba, ya sake kullewa da wata takarda da shi kansa ya sa wa hannu. Domin kada a ƙi ta, yakan shigar da sunansa cikin jerin amintattun hukumomi na Windows.

A nan gizo ke saƙar, domin ba kowace manhaja ce ke duba wannan jeri ba. Wasu, kamar waɗanda aka gina da Java, nasu jerin daban yake, saboda haka suna ganin takardar riga-kafi sai su ɗauke ta jabu.

Alal misali, a watan Janairun 2019 kamfanin Mozilla ya fitar da Firefox 65. Masu amfani da riga-kafin Avast da AVG suka riƙa cin karo da saƙon `SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER`, wato ba a san mai sa hannun ba, alhali Chrome, wanda a lokacin yake dogaro da jerin Windows, yana aiki lafiya lau. Sai da Mozilla ya dakatar da rarraba sabon zubin na ɗan lokaci. A Firefox 68 na watan Yulin shekarar aka tsara manhajar ta koma ga jerin Windows da kanta idan ta gano haka.

Ganewa da Magani

A duba sunan mai sa hannu a takardar shaidar shafin. In sunan riga-kafin ya bayyana, an kama bakin zaren. In kuwa dukkan manhajoji ne suka ƙi, sai a fara duba kwanan watan kwamfutar, domin mutuwar batirin agogonta kan haddasa haka.

Manhaja mai nata jeri ana iya shigar mata da takardar riga-kafin. Amma wadda aka ɗaure da takarda guda tun daga masana'anta ba ta karɓar wata, sai dai a umarci riga-kafin ya daina bincikar saƙonta.

Kammalawa

Abin gudu shi ne kashe duba takardar shaida a manhajar da ta ƙi, domin daga nan ɓarawo ma zai iya tsayawa inda riga-kafi ya tsaya, ba tare da an farga ba.