Saƙon Farko Ga Manajan Sayayya: Ka Nemi Abu Ɗaya Tak

Tambaya: Malam, muna da ƙaramar masana'antar kwali a Sharaɗa, nan Kano. Na aika wa manajojin sayayya na kamfanoni imel ina tallata kayanmu, amma shiru kake ji. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Ɗan'uwa, mutumin da kake rubuta wa yana da mai kawo masa kwali. Ba ya waiwayar sabo sai in na hannunsa ya makara da kaya, ko kwali ya fara lotsewa a sito, ko dokar kamfani ta tilasta masa gwada farashin mutum biyu ko uku. Kuma in ya sauya, kwali ya yanke, aiki ya tsaya, shi za a tuhuma. Saboda haka wanda ya nemi kwangila a saƙon farko ya nemi abin da ba za a ba baƙo ba.

Yawancin masu irin sana'arku sukan jero tarihin kamfani, su roƙi ganawa, da rajista, da oda, duk a saƙo ɗaya. Wanne zai amsa? Ka zaɓi buƙatar da kalmar "to" kaɗai za ta biya. A harkar kwali, a ganina, samfur ya fi ganawa, domin ba ya cin lokacinsa, kuma masu duba inganci za su iya gwada shi ba sai kana wurin ba.

A ce kamfanin sabulu ne. Kan saƙon ya zama "Samfurin kwalin sabulu daga Sharaɗa". Bayan sallama da sunanka, sai ka ce:

"Ranka ya daɗe, muna yin kwali mai ninki uku da mai ninki biyar, tare da buga tambari. Mafi ƙarancin odarmu guda 2,000 ne, muna kai kaya cikin kwana 10. Ko za ka amince in kawo samfur 10 daidai girman kwalinku ranar Talata, a gwada?"

Ko da Turanci ka rubuta, tsarin ke nan. Sai dai alƙaluman su zama naka na gaskiya. In ka ce kwana 10 alhali injinka sai ya yi 20, odar farko ce za ta tona ka.

Kada ka sa farashi tukuna. Kuɗin kwali ya danganta da girma, da kaurin takarda, da yawan launin bugu, kuma ba ka tabbatar da ko ɗaya ba. Takardun rajistar kamfani da lambar haraji ma ka riƙe su sai an nema.

In mako ya wuce shiru, ka sake taɓa shi a ƙarƙashin saƙon farko, layi biyu, buƙatar ba ta canza ba. In har yanzu bai tanka ba, ka dakata sai gab da damina, lokacin da laima ke sanyaya kwali a sito.