Yadda ake tsara rigar ƙwallon unguwa ba tare da kwafar tambarin wani kulob ba

Shawarar da na gaji da ji ita ce wai ka ɗauko hoton rigar Chelsea ko ta Barcelona, ka goge sunan da ke cikin tambarin, ka rubuta na ƙungiyarku. Wannan ba tsara riga ba ne. Zakin Chelsea yana nan na Chelsea ko da ka rubuta sunan unguwarku a ƙarƙashinsa, domin tambari rajistarsa ake yi, kuma duk wanda ya gani ya san na aro ne. Kala kuwa ba ta da mai ita. Juventus da Newcastle duk suna sa ratsin baƙi da fari, ba wanda ya ce an yi masa sata.

Fara da hoton riga zalla, wadda ba rubutu ba tambari, ka buɗe shi a manhajar waya irin PixelLab. Ni ita nake so, don tana barin kowane abu a shimfiɗarsa daban, ka matsar da lamba ba ka taɓa ratsi ba. Zaɓi kala biyu, ta uku don wuya da bakin hannu kawai.

A ce ƙungiyar ta zaɓi shuɗi da fari, ratsi a tsaye. Ja layin farko a tsakiyar ƙirji daidai, sannan ka jera sauran hagu da dama da faɗi ɗaya. Idan ka faro daga gefe, za ka tarar ɓangare guda ya ƙare da shuɗi, ɗayan da fari, rigar ta karkace a ido. Gargaɗi guda: kada ka jera siraran layi uku a kafaɗa ko hannu. Wannan alamar kamfanin Adidas ce, ba ado ba ne na kowa da kowa. Yi biyu, ko ɗaya mai kauri.

Lamba ita ce inda riguna da yawa suke lalacewa. A allon waya komai yana fitowa tas, amma alƙalin wasa daga nesa yake karantawa, cikin rana da ƙura, ɗan wasa kuma yana gudu. Ka ɗora farar lamba 8 a kan ratsin shuɗi da fari, rabinta zai nutse cikin farin, ta koma kamar 3. Maganin shi ne ka yanke ratsin a baya, ka bar fili mai kala ɗaya, lambar ta zauna a ciki da ɗan sarari kewaye da ita. A misalinmu, fili fari, lamba shuɗiya mai duhu. Kada ka sa ja a kan shuɗi, domin duhunsu ya yi kusa, daga nesa sai su haɗe.

Ƙa'idar FIFA ta sa tsawon lambar baya tsakanin santimita 25 zuwa 35, ta gaba 10 zuwa 15. Ko gasar unguwa ce, bi wannan awon. Ka guji rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe. Kafin ka amince da tsarin, ƙanƙantar da hoton a waya har ya kai girman farcen babban yatsa. In ka iya bambanta 6 da 8, da 1 da 7, to ta yi.

Tambari kuwa ku ƙirƙiri naku daga abin da aka san ku da shi: ƙofar gari, kukar da ke bakin fili, ko haruffan farko na sunan ƙungiya da shekarar kafa ta. Abu ɗaya cikin da'ira ya isa, domin ƙananan zane-zane cushewa suke yi wajen bugawa. Adana shi a matsayin PNG marar bango, in ba haka ba zai fito da farin akwati a ƙirji.

Wajen mai bugawa, ka sayi riguna zalla tun farko. Kuɗinsu yana hawa da sauka, ka taya a dozin. Masu sayen rigar kulob su ɓanɓare tambarin suna barin shatin gam da ba ya fita. In lambar leda ce ta mannawa da injin zafi, a juya ta kafin yanka, sannan a gwada riga ɗaya tukuna, musamman ja, don rinin jan yadin roba yakan ratso farar lamba ta koma ruwan hoda. Ka wanke ta gwajin, ka shanya, ka duba gefen lambar ko ya ɗago, kafin ka ba da izinin buga sauran. Kuma ka gaya wa 'yan wasa su riƙa juya rigar ciki waje in za su wanke, kada dutsen guga ya hau kan lamba.